Inda na kai da kwafar fosta: wane layi ne ke gaba?

'Yan uwa masu koyo, wannan makon fostar walimar saukar Alƙur'ani nake kwafa a CorelDRAW, daga hoton da na ɗauka da waya a jikin wani bango a Pantami, nan Gombe. Girman rubutu iri huɗu ne a jikinta.

Da babban take na fara, domin shi ke cin wuri, kuma da shi ake gwada sauran. Fostar A3 ce, tsawonta santimita 42. Da na shigar da hoton sai na daidaita shi har tsawon fostar ya koma 21, rabi ke nan, don haka duk abin da na auna sai in ninka biyu. Manyan baƙaƙen WALIMAR SAUKA sun ba ni santimita ɗaya da rabi, wato uku a zahiri. A yawancin salon rubutu, babban baƙi yakan ɗauki kusan kashi 70 cikin 100 na girman da aka zaɓa, shi ya sa lissafin ya kai ni wajen 120 pt. Amma fa sai an ɗauki hoton gaba da gaba. In an ɗaga waya daga ƙasa, rubutun sama zai ƙanƙance, za ku kuma ga gefunan fostar suna tsukewa can sama. Irin wannan hoton ba a awo da shi.

Inda na fi daɗewa shi ne wani siririn layi da ke saman taken: "Hukumar makaranta da iyayen yara na gayyatar al'umma zuwa". Ƙarami ne ƙwarai, kusan daidai da rubutun can ƙasa. Wanda ya bi girma kaɗai zai tura shi ƙarshe, sai a wayi gari jimla ta yanke a kan "zuwa", take kuma ya tsaya ba mai gayya. Na karanta fostar da baki kamar mai shela, nan take na ji layin da taken jimla ɗaya ce. Saboda haka na buga shi daga gama taken, na haɗe su da Ctrl+G don kada su rabu. A ganina wannan karantawar ta fi awon muhimmanci.

Daga nan rana, lokaci da wuri, sai sunayen manyan baƙi, sannan ƙananan bayanai.

A ƙananan ne hoto ke dusashewa, 3 ta yi kama da 8, 1 da 7. Kwanan wata yana da mafita: fostar ta ce Asabar, sai na duba kalanda na ga wanne ya faɗo Asabar, 13 ko 18. Lambar waya kuwa ba a yi mata cinke. Na sa ? a gurbin lambobi biyun da suka shige mini duhu, gobe in Allah ya kai mu zan koma in ɗauko wannan kusurwar daga kusa.