Abin da kawuna ya gani a dara da manhajata ba ta gani ba

Aikin da na zaɓa a shekarar ƙarshe ta jami'a shi ne manhajar da za ta gaya wa ɗan dara inda ya kamata ya taka. Darar da muka sani ce a Damagaram, wadda dattawa ke haƙa wa gidaje 30 a yashi, layi 5 gida shida-shida, kowa da ƴaƴa 12. Ka jera uku ka ci ɗaya, jerin huɗu kuwa ba ya ci.

Sashen bincike bai ba ni wuya ba. Minimax ne, wato manhaja ta hango taku huɗu gaba, nawa da na abokin karawa, tana ɗauka kowa zai yi takun da ya fi masa kyau, sannan ta tsaya. Inda ta tsaya ɗin ne ake buƙatar ma'auni, wato lissafin da zai dubi fage ya ba da lamba ɗaya: mai kyau gare ni ko gare shi. Duk shawarar manhajar daga wannan lambar take fitowa.

Da ƙirgen ƴaƴa na fara, kowane maki 100. Sai dai a lokacin zubi, taku 24 na farko, ba a cin kowa. Manhajar ta duba jerin taku har 657,720, kowanne ya ba ta sifili, ta ce in zuba a gidan farko na kusurwa. Ganin haka na ƙara mata maki 30 a kan kowane biyu da ke jere.

```
maki = 100*(nawa - nasa) + 30*(biyu_nawa - biyu_nasa)
```

Da wannan na tafi Birni wajen kawuna bayan la'asar. Yana zaune a gindin bango, tsakuwa a hannunsa, ni da karare da salula. Ana tsaka da wasa manhajar ta nuna ina gaba da maki 20, alhali ya ci mini ɗa ɗaya. Lissafinta: na fi shi biyu-biyu har huɗu, 120 ke nan, a cire 100. Kawu ya sa yatsa yana bin su ɗaya bayan ɗaya. "Ɗana, waɗannan ai matattu ne." Na ce, "Yaya, Kawu?" Na farko suna bakin fage, tsakuwarsa na zaune a gida na uku. Na biyu da na uku kuma gidan a buɗe yake amma ba ni da ɗan da zai shiga.

Na huɗun ne ya fi tsaya mini a rai. Ina da ƴaƴa a gida na 2, na 3 da na 5, na 4 babu kowa. In ɗa ya sauko daga layin sama ya shiga na 4, sun zama huɗu, ba ci. In kuwa na gida na 5 ne ya matso, uku ne cif. Gida ɗaya, amma darajarsa ta dogara da wanda zai shige shi, kuma a ranar tsakuwar Kawu na dab da gidan, takunsa ne. Ya toshe.

Daga nan na daina ƙirga siffa, na koma ƙirga abin da zai iya faruwa. Biyu ba sa samun maki sai gida na uku yana buɗe, akwai ɗana na daban da zai shiga da taku ɗaya, kuma ba za a yi huɗu ba. In takuna ne, maki 90, don ci ne a hannu. In takunsa ne kuma zai iya toshewa, 15 kawai.

Sai doki. Biyu a gida na 1 da na 2 na layin sama, biyu a na 4 da na 5 na layin ƙasa, ɗa guda a gida na 3 yana hawa yana sauka, kowane taku da ci. Na ba shi 300, don ƴaƴa biyar masu doki sun kai takwas a warwatse. Nan ma da sharaɗi: da ka sauka, gidan da ka bari a buɗe yake. Mai toshewa ɗaya ne, ka cinye shi. In biyu ne, dokin ya mutu, makin ya koma 60.

Lambobin nan ni na ƙiyasta su, don haka dole a gwada. Na sa sabon ma'auni ya kara da tsoho, sai na ga wasa ɗaya suke maimaitawa, tunda babu mai sauya ra'ayi a cikinsu. Dole na riƙa yi musu zubin farko barkatai, kowane fage a buga shi sau biyu ana musanya gefe. Wata alamar da nake dubawa ita ce tsallen maki: in ma'auni ya ce 40, bayan taku biyu ya ce -160, akwai abin da bai gani ba, sai in buga makin kashi-kashi in nemo shi.

Zubi ne har yanzu rauninta. Kawu yakan ajiye tsakuwa can gefe ita kaɗai, ma'aunina ya ba ta sifili, bayan taku ashirin ta zama ƙafar doki. Na zana fage 30 irin wannan a littafi, ranar Juma'a zan kai masa ya faɗa mini wa ke gaba a kowanne.