Ƙarar hukuma: dalilai uku ne, kowanne da hujjarsa

A ɗan ofishinmu na lauyoyi, rabin aikinmu ƙarar hukumomi ne, wato roƙon Babbar Kotu ta duba yadda wata hukuma ta yanke shawara. Abin da muke fara faɗa wa mai ƙara shi ne wannan ba ɗaukaka ƙara ba ne. Alƙali ba zai ce shawarar ta yi kyau ko ba ta yi ba. Hanyar da aka bi kawai yake dubawa. A 1984, a shari'ar da ƙungiyoyin ma'aikata suka yi da gwamnatin Birtaniya kan hana shiga ƙungiya a hukumar leƙen asiri ta GCHQ, Mai Shari'a Diplock ya kasa dalilan gida uku: saɓa wa doka, rashin hankali, da rashin bin hanyar adalci. Kotunan Najeriya ma da wannan rabon suke aiki.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne takardun da ake kawo mana daga masu aikin sha-yanzu-magani-yanzu, an cusa ukun a jimla ɗaya. Kowane dalili da irin hujjar da yake ci, kuma mu daban-daban muke rubuta su.

A ɗauki misalin mutumin da aka soke wa takardar mallakar fili, daga baya ya ga wani ɗan kasuwa yana gina shaguna a wurin. Kafin komai sai mu buɗe Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon sokewa saboda maslahar jama'a, ko saboda mai filin ya karya sharuɗɗan takardarsa. Idan an karɓe daga Malam wane don kawai a miƙa wa Alhaji wane ya yi kasuwancinsa, an yi amfani da ikon a inda doka ba ta nufa ba, wannan shi ne saɓa wa doka. Hujjarsa a takarda take: sanarwar sokewar, dalilin da aka rubuta a ciki, sabuwar takardar da aka ba ɗan kasuwan, da sa hannun da ke ƙasa, domin sashen ya ce jami'in da Gwamna ya ba izini ne zai sa hannu. Wannan dalilin muka fi so, saboda idan ya tabbata hukuma ba ta da damar sake yin abin da wannan manufa.

Rashin bin hanyar adalci tambayarsa dabam ce: an sanar da mutumin, an saurare shi? Sashe na 44 ya faɗi yadda ake isar da sanarwa, ko hannu da hannu, ko a bari a gidansa, ko ta wasiƙa mai rajista, kuma haƙƙinsa ba ya faɗuwa sai sanarwar ta isa. Shi ya sa muke neman littafin aika wasiƙu da rasit na gidan waya. Ƙarƙashin wannan dalilin ne kuma son kai yake. A shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, Kotun Ƙoli a 1986 ta rushe korar ɗalibai da aka yi bayan wata tarzoma a jami'ar, kuma cikin dalilanta har da cewa shugaban kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta yi wa ɓarna. Sai dai muna gargaɗin mai ƙara tun da wuri: nasara a nan kan zama ta ɗan lokaci, don hukuma na iya gyara hanya ta sake yanke shawarar da ta yanke.

Rashin hankali shi kowa ke so a rubuta masa, kuma shi ya fi wuyar ci. Ma'auninsa daga shari'ar Wednesbury ta 1947 a Ingila ya fito: sai shawarar ta kai inda babu hukuma mai hankali da za ta yanke irinta. A can ma gidan siniman da ya kai ƙara kan hana yara 'yan ƙasa da shekara 15 shiga ranar Lahadi faɗuwa ya yi. Ba ma sa shi sai da hujja mai ƙarfi, don dalili mara ƙarfi yana rage wa sauran kwarjini a idon alƙali.

Sai maganar lokaci, wadda ta fi kashe ƙararraki. Dole a fara neman izinin kotu da takardar rantsuwa da bayanin dalilai, kuma ƙa'idojin Babbar Kotun Tarayya wata 3 suka bayar, haka ma na jihohi da yawa. Mutum zai ɓata wata biyar yana bin ofisoshi da kamun ƙafa, sannan ya zo yana cinikin kuɗin lauya. Duk wanda takardar hukuma ta same shi, ya rubuta ranar da ya karɓa a bayanta, ya adana ambulan, ya kawo mana cikin makon.