Godiya bayan mun dawo gida da Nasiru

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdu lillahi, jiya bayan la'asar aka sallame mu daga asibiti bayan aikin da aka yi wa ɗana Nasiru a kai, ya kwana a ɗakin uwarsa. Kwana goma sha ɗaya ke nan ban yi barcin kirki ba, saboda haka in kun ga maganata tana hawa da sauka ku yi mini uzuri. Kun san yadda aka yi, yawancinku kuna tare da mu tun daren farko, ba sai na maimaita ba.

Abin da har yanzu yake hana ni sukuni shi ne awa huɗun nan da yaron ya yi a gida muna cewa ya ji sauƙi. Da ya faɗo daga kabu-kabu, waɗanda suke wurin sun ce sumansa bai kai minti biyu ba. Ya tashi, ya karkaɗe wandonsa, ya tako da ƙafarsa har gida. Ɗan kumburi ne kawai a gefen kansa na dama, tsakanin ido da kunne, ko jini bai fita ba. Har tuwo ya ci. Da magariba ya ce kansa kamar zai tsage, ni da hannuna na aika kemis aka sayo maganin ciwon kai. Ya yi amai, muka ce tuwon ne. Ya sake yi, wani irin amai mai feshi, ba tashin zuciya ba komai, muka ce maganin ne bai karɓe shi ba. Da ya fara gyangyaɗi bayan isha'i, ni ne na ce a ƙyale shi ya huta. Ni na faɗa, Allah ya yafe mini.

Al'adarmu ba a cika kiran sunan mai alheri a bainar jama'a ba, amma Hajiya Inno, ki yi haƙuri, yau sai na kira. Maƙwabciyarmu ce, tsohuwar nas da ta yi ritaya. Barka da arziki ta shigo yi wajen ƙarfe tara. Ta kira sunansa sau uku, ya buɗe ido da ƙyar, ya amsa da wata magana da ba ta haɗu ba. Sai ta ce, "Malam, ba ni tocila." Ta ɗaga fatar idonsa na hagu ta haska, ɗan baƙin ɗigon nan na tsakiyar ido ya tsuke nan take. Ta haska na dama, ya tsaya a buɗe, faffaɗa, da ƙyar yake motsi. Ta kama hannuwansa biyu ta ce ya matse, na hagu ya kasa. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Wanga ba kwana ba na. Ku tashi yanzu." Na ce ko mu bari sai da safe? Ta ce, "In kun bari sai da safe, likkafani za ku saye." Wannan kallon na tocila, in na rufe ido har yau shi nake gani.

Sai bayan an yi aiki, da kwana biyu, wani matashin likita ya zaunar da ni a baranda ya zana mini abin a bayan takardar magani. Zan faɗa yadda na fahimta, domin da na san shi a wannan daren da ban ce a bar yaro ya yi barci ba.

Ya ce ƙoƙon kan babba akwati ne rufaffe, ba ya buɗewa ba ya miƙewa. Abu uku ne a ciki: ƙwaƙwalwa, wadda ta cinye kusan kashi 80 cikin ɗari na wurin, sai jini kusan kashi 10, sai wani ruwa garai-garai da ƙwaƙwalwa take iyo a cikinsa, shi ma kusan kashi 10. Babu wurin baƙo. To a daidai inda Nasiru ya bugu ƙashin kai siriri ne, kuma akwai jijiyar jini da take bi ta ƙarƙashinsa. Ƙashin ya tsage, ya yanki jijiyar, jini ya fara taruwa tsakanin ƙashi da fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. A waje ba ka ganin komai.

Na tambaye shi, to me ya sa ya tashi har ya ci abinci? Ya ce a nan mutane suke ruɗuwa. Da baƙon jini ya fara shigowa, jiki yana yi masa wuri: ya tura wancan ruwan ƙasa zuwa cikin gadon baya, ya matse jinin da ke cikin manyan jijiyoyi ya koma wajen zuciya. Muddin akwai abin da za a fitar, matsin cikin kai ba ya hawa sosai, mutum yana magana yana dariya. Amma abin fitarwar kaɗan ne. Da zarar ya ƙare, ɗan jinin da zai ƙaru, ko cokali ɗaya ne, sai matsin ya yi tsalle. Ya ce a irin ma'aunin da ake auna hawan jini, matsin cikin kan babba mai lafiya yana tsakanin 5 zuwa 15, in ya wuce 20 ya zauna a can, likitoci ba sa jira. Wato lafiyar da muka gani da yamma aro ce, jiki ne yake cin ajiyarsa. Ciwon kan da ke ƙaruwa, aman da ke maimaituwa, da barcin da ba na gajiya ba, su ne shelar cewa ajiyar tana ƙarewa.

Maganar ido kuwa, ga yadda take. A cikin kai akwai wata fata mai tauri da aka shimfiɗa kamar rumfa, ta raba babbar ƙwaƙwalwa ta sama da ƙarama ta ƙasa. A tsakiyarta akwai kafa, ta nan tushen ƙwaƙwalwa yake saukowa, shi ne mai riƙe da farkawa da numfashi da bugun zuciya. Ƙwaƙwalwa abu ne mai laushi. In jini ya danne ta daga gefe, ba ta da wurin gudu sai wannan kafa, kamar yadda ƙullu yake fitowa ta tsakanin yatsu in ka matse shi. Gefen da ya fara kutsawa yakan faɗa kan jijiyar da ke tsuke baƙin ido, shi ya sa idon ɓangaren da jinin yake ya buɗe ya ƙi jin haske. Sannan ya danne hanyar da ke kai umarni ga hannu da ƙafa, kuma tun da hanyoyin nan suna gicciye ne, jinin dama yakan kashe hannun hagu. Abin da Hajiya ta karanta ke nan da tocilar cajin da ba ta kai kuɗin kwanon shinkafa ba. In ba a tare ba, matsin yana ci gaba da tura ƙwaƙwalwa ƙasa har ta cushe a babbar kafar da ke gindin ƙoƙon kai, ta danne cibiyar numfashi. Daga nan sai salati.

Akwai wani abin da na yi wa mummunar fahimta a imajensi, ina jin kunyar faɗinsa. Na ji nas ta ce bugun zuciyarsa 52, hawan jininsa 170 bisa 90. Da na ji zuciya ta yi sanyi sai na ce alhamdu lillahi, ya natsu. Ashe ita ce alamar da suka fi tsoro. Jiki yana ɗaga hawan jini ne don ya tura jini da ƙarfi cikin kan da ya cushe, zuciya kuma ta rage gudu, numfashi ya fara tsalle-tsalle. Ukun nan in sun haɗu, lokaci ya kusa ƙurewa. Shi ya sa na ga sun bar tafiya sun koma gudu. Suka ɗaga kan gadonsa kaɗan, suka daidaita wuyansa don jini ya samu saukowa, suka sa masa wani ƙarin ruwa mai suna manitol mai janye ruwa daga ƙwaƙwalwa. Likitan ya ce wannan sayen lokaci ne kawai, ba ya cire jinin. Hoton siti sikan ya nuna shi ƙarara, fari, mai kumburin ciki kamar ƙwallon goruba da aka raba biyu. Suka buɗe ƙashin, suka kwashe gudan jini kimanin mililita 60, cokalin cin abinci huɗu ke nan, suka toshe jijiyar, suka mayar da ƙashin. Cokali huɗu, jama'a.

Ya Allah, hannuwan da suka yi wannan aiki cikin tsakar dare, ka tsare su daga wuta. Likitoci da nas-nas da masu tura gado da matar da ke goge ɗakin, wadda kullum sai ta ce mini "Baba, ka ci wani abu," Allah ya biya ku da abin da ba za mu iya ba. Allah ya jiƙan iyayenku, ya shirya muku zuri'a, ya sa kada ku ga irin wannan dare a kan naku.

Malam Bello mai Keke Napep, ka ɗauke mu daga Mabera da jallabiyar barci, ka zauna a bakin ƙofar asibiti har aka kira assalatu, na miƙo kuɗi ka ɓoye hannunka a aljihu. Samarin majalisar bakin masallaci da suka yi layin ba da jini, shida suka zo, biyu aka ɗiba, sauran huɗun har fushi suka yi. Bawan Allah da ya biya kuɗin hoto a lokacin da turawa ta waya ta ƙi tafiya, ina tsaye ina rawar jiki, ko sunanka ban tambaya ba, hularka kawai na riƙe. Allah ya san ka. Liman da jama'ar da suka yi ta alƙunutu, abokan aikina malamai da suka raba darussana a tsakaninsu, matan unguwa da suka riƙe mini ƙananan yara, Allah ya saka da Aljanna Firdausi.

'Yan uwa na jini kuwa, waɗanda suka zo mun gode. Waɗanda suka turo hoton "Allah ya sauwaƙe" a waya daga Runjin Sambo, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, su ma mun gani. Wanda ya bugo yana cewa iska ce ta taɓa yaro, a fito da shi a yi masa hayaƙi, ban yi fushi ba, amsawa ce ban samu sarari ba. Shi ke nan, na bar ta nan.

Nasiru yana magana, yana gane kowa, hannun hagu ya dawo har yana riƙe kofi. Fatar idon dama ce har yanzu ta ɗan sauko, sun ce jijiyar da aka danne tana ɗaukar makonni kafin ta warware. Masu son zuwa dubiya, don Allah bayan la'asar, kuma kada a daɗe, hayaniya tana sa masa ciwon kai. Sannan akwai kulolin abinci guda biyar a wurinmu da ba mu san masu su ba, ɗaya ja ce mai karyayyen hannu. Mai ita ya aiko yaro ya karɓa.