Mako na shida: rubutun ajiyar wake da na kai wa Gwaggo

'Yan'uwa masu koyon fassara, wannan makon rubutu ɗaya na sa a gaba, shafi biyu ne a kan yadda ake ajiye wake a buhun nan mai leda biyu a ciki. Wani ɗan'uwa ne ya fassaro shi daga Turanci don a karanta wa manoman ƙauyenmu a nan ƙasar Ringim, ya ce in duba masa. Na karanta sau biyu a zuci ban ga aibu ba. Kalmomin duk na Hausa ne, ƙa'idar rubutu ma ya kiyaye.

Da la'asar sai na ɗauki takardar na shiga wajen Gwaggo, tana zaune bakin turmi tana surfa waken ƙosan safe. Ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, wake kuwa ta fi shekara talatin tana hulɗa da shi. Na karanta mata wannan jimla da ƙarfi: "Manoma ya kamata su biya hankali ga matakin danshi kafin ajiya ta ɗauki wuri."

Ta tsayar da taɓarya ta ce, "Ɗan nan, wane wuri za ta ɗauka? Rumbu ko ɗaki?"

Tambayar gaskiya ta yi, don abin da jimlar ta faɗa mata ke nan. A Turanci idan abu zai faru akan ce ya ɗauki wuri, shi ne mai fassara ya kwaso kalmomin biyu ya jera. Ni da na san Turancin, ƙwaƙwalwata ta mayar da su gida ta fahimta ba tare da na lura ba. Haka biyan hankali: mu mai da hankali muke yi, ko mu lura, ko mu kula. Shi ma matakin danshi, mataki a wurinmu na tsani ne ko na hukunci. Abu uku a jimla ɗaya, duk sun wuce ni.

Na ce, "Gwaggo, so ake a ce kada a ajiye wake da sauran ruwa a jikinsa." Ta ce, "To ka ce sai ya bushe ƙamas mana." Abin da na rubuta ke nan: "Kada a zuba wake a buhu sai ya bushe ƙamas." Kalma goma maimakon goma sha huɗu, ba abin da ya salwanta.

Irin waɗannan da sauƙin kamawa in an karanta a fili. Wanda ya fi ba ni wahala shi ne inda kowace kalma daidai take, ginin jimlar ne na aro. Ga farkon rubutun: "Asarar wake bayan girbi ana haifar da ita ta hanyar ƙwari, wanda yake kaiwa ga raguwa a cikin kuɗin shigar manoma."

Na daɗe a kanta. Da na tambayi kaina wa ya yi, me ya yi, sai na ga mai aikin, wato ƙwari, an tura shi can tsakiya bayan "ta hanyar". Turanci na da hanyar sa abin da aka yi wa aiki a gaba, a jingina mai aikin daga baya. Hausa in ta ce "an" ko "ana", ta ɓoye mai aikin ke nan, ba ta sake jawo shi da wutsiya. In za a ambace shi, shi ke shiga gaba. Sai kuma aikatau da aka daskarar suka koma sunaye: asara, raguwa, kuɗin shiga. Ba wanda ya ci, ba wanda ya sayar, ba wanda aka taya wa kaya. Ga kuma "wanda" ɗin nan da ba ya komawa ga kowa: asara mace ce, ƙwari jam'i ne, to wa yake nufi? Gurbin wata kalmar Turanci ya cike, wadda ba ruwanta da jinsi.

Girbi ma na cire. Gero da dawa ake girba, wake roronsa ake yi. Ga yadda ta koma: "Bayan an yi roro an kai wake gida, ƙwari ne ke cinye shi. In ya yi huji, manomi ya kai kasuwa, sai a taya da arha." Da na karanta, Gwaggo ta ce haka aka yi wa maƙwabcinmu bara a kasuwar Gujungu. Ta bar maganar jimla ta shiga maganar wake, alamar da nake nema ke nan.

Ban taɓa leda da buhu da kilo ba. Aron kalma daban, aron gini daban, waɗannan sun zama namu tuntuni. "Taka muhimmiyar rawa" ma kullum muna jin ta a rediyo, ba na faɗa da ita, amma a nan na cire don ba ta ɗauke da komai. "Buhun yana taka muhimmiyar rawa wajen rage asara" ya koma "buhun yana hana wake lalacewa".

Yanzu kuskurena, wanda nake so ku kiyaya. Dabarar da nake bi ita ce in karanta sakin layi, in kife takardar, in rubuta yadda zan faɗa wa mutum baki da baki. Tana aiki, amma ta kusa sa ni ɓarna. A wajen ɗauri na rubuta, "A matse iska, a ɗaure bakin buhun tam." Hausa ce mai daɗi. Da daddare na buɗe na asalin ina bi da fensir, ina sa alama a kan kowane adadi da kowane umarni, sai na ga ya ce a ɗaure kowane daban: ledar ciki, sannan leda ta biyu, sannan buhun waje. Ɗauri 3 na mayar 1. Alhali aikin buhun gaba ɗaya a nan yake: ƙwarin da ke ciki suna shaƙe 'yar iskar da ta rage, in wata ba ta shiga ba sai su daina ci su mutu, ba tare da an zuba magani ba. Ledoji biyun su ne masu tsare iskar, na wajen kariya ne da sauƙin ɗauka. Fassarar ɗan'uwan nan, duk da taurinta, ba ta yar da wannan ba. Ni na yar. Na gyara zuwa: "A matse iska daga ledar ciki a ɗaure ta ita kaɗai, a ɗaure ta biyu ita ma daban, sannan a ɗaure buhun waje."

Na kuma goge wani abu da na ƙara da kaina. Gwaggo ta ce ita ƙwaya take cizawa, in ta fashe ƙas ta san ya bushe, ni kuwa daɗin maganar ya sa na saka. Gaskiya ce, amma marubucin bai faɗa ba, don haka na mayar da ita gefen takarda, in faɗa da baki in an tambaya.

Saura sakin layi na ƙarshe, mai bayanin yadda ake gwada leda ko ta huje kafin a zuba wake. Akwai "wanda" guda biyar a cikinsa, na warware biyu. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan karanta wa Kawu da abokan zamansa duka rubutun a gindin darbejiya, in riƙe fensir, duk inda wani ya ce "me?" in ja layi.