Yadda na kusa jawo wa ɗan wasa sallama da sifili shida

Ƙarshen kakar wasa ne, Koci ya kira ni ofis ya ce in kawo masa takardar matsakaicin gudun kowane ɗan wasa, don shugabannin kulob za su zauna kan waɗanda za a sabunta wa kwantiragi. Aikina a ƙungiyar shi ne kula da na'urorin GPS da yaran ke sakawa a cikin 'yar shara, a tsakanin kafaɗunsu, da kuma bayanan da suke tarawa. Na buga takardar cikin minti goma na miƙa masa. Ya bi sunayen da yatsa har ya tsaya kan ɗan wasanmu na gefen dama, wanda aka rubuta wa kilomita 7.6 a kowane wasa.

"Malam, wannan yaron da ba ya tsayawa wuri ɗaya shi ne da bakwai? Ko dai na'urarka ta sha rana?"

Na ce, "Koci, abin da kwamfuta ta fitar ke nan." Ya mayar mini da takardar ya ce in je in sake tambayarta.

Da na koma na buɗe fayil ɗin, ban daɗe ina nema ba. Gasar Firimiya ta Najeriya ƙungiyoyi 20 ne, kowace tana buga wasa 38, don haka na yi wa kowane ɗan wasa layi 38. Duk wasan da mutum bai buga ba, gurbinsa ya fito babu komai, abin da pandas, kayan aikin Python da nake lissafi da shi, ke nunawa da `NaN`. Tun farkon kaka waɗannan guraben suka dame ni a ido, sai na share su da layi ɗaya na manta da shi:

```python
df["mita"] = df["mita"].fillna(0)
```

Da wannan layin na gaya wa kwamfuta cewa yaron ya shiga fili sau shida ya tsaya cak kamar turke. Gaskiyar ita ce wasa huɗu yana jinyar rauni a cinya, ɗaya an dakatar da shi saboda jan kati, ɗaya kuma ya zauna a benci ba a sako shi ba. Abin haushin shi ne da na bar guraben yadda suke, `mean()` da kanta tana tsallake `NaN`. Haka `AVERAGE` na Excel yake, yana tsallake gurbin da babu komai amma yana ƙirga sifili.

Jimillar gudunsa a kakar kilomita 289 ce. Na raba da 38 na sami 7.6. Da na cire wasanni shidan nan na raba da 32, sai ya koma 9.0. Na kusa tashi in kai wa Koci, amma lambar ba ta kwanta mini ba, domin na san a yawancin wasannin da ya buga daga farko har ƙarshe yana wuce kilomita goma. Sai na zauna na bi wasannin 32 ɗaya bayan ɗaya, da rahoton kowane wasa a gefena.

Wasa 24 ya buga cikakke kuma na'ura ta ɗauki komai: kilomita 252 cikin minti 2,280. Mintunan sun wuce 90 sau 24 ne saboda ƙarin lokaci, wanda rahoton wasa kan yi watsi da shi ya rubuta 90 kawai, alhali yaro yana gudu a cikinsa kuma na'ura tana ƙirgawa. Wasa biyar daga benci ya shigo, jimilla minti 130, kilomita 15.5. Raba da yawan wasanni ya sa shigowar minti ashirin ta zama daidai da wasa cikakke, kuma wannan ne ya ja shi ƙasa. Maganinsa sananne ne, a raba da mintuna sannan a ninka da 90.

Sauran wasanni ukun su suka fi cin lokacina. A duka ukun ya buga minti 95, amma na'urar ba ta ga duka ba. A ɗaya batir ya mutu a hutun rabin lokaci, saboda ba mu sami wutar da za ta cika cajin ba a masaukinmu daren wasan, sai aka ɗauki minti 48 kawai. A na biyu minti 65 aka samu, a na uku 77. Ya buga minti 285, na'ura ta ga 190, ta rubuta kilomita 21.5. In na raba jimillar kakar da mintunan da ya buga, wato 2,695, zan sami 9.7 a kowane minti 90. In na raba da mintunan da na'ura ta gani, wato 2,600, zan sami 10.0. Na biyun ne daidai, domin nisan da ke sama na mintuna 2,600 ne kaɗai, kuma ba adalci ba ne a raba shi da lokacin da babu wanda ya auna. Tun daga ranar nake ajiye mintuna iri biyu a jere daban-daban, waɗanda ya buga da waɗanda aka gani.

```python
g = df[df["hali"] == "ya_buga"].groupby("dan_wasa")
mita = g["mita"].sum(min_count=1)
km90 = mita / g["minti_gani"].sum() * 90 / 1000
```

Wannan `min_count=1` ma da dalilinsa. Ba kamar `mean()` ba, `sum()` tana ba da sifili idan duk abin da ta tarar `NaN` ne. Muna da wani matashi da ya shigo sau biyu ba tare da na'ura ba, don ba su isa kowa ba a lokacin, kuma jimillarsa ta fito sifili ba tare da wani gargaɗi ba.

Jerin `hali` kuwa da hannu nake cika shi bayan kowane wasa: ya buga, rauni, dakatarwa, benci, ba ya cikin tawaga. Ba na barin kwamfuta ta yi hasashensa daga nisan gudu, saboda wanda ya zauna a benci ma yakan fito da kilomita ɗaya ko biyu na ɗumama jiki idan ba a yanke lokacin daidai ba, sai ya yi kama da wanda ya buga wasa da kasala. Akwai kuma sifili na gaskiya wanda bai kamata a taɓa ba. Mai tsaron gida zai iya gama wasa bai yi gudun tsere ko sau ɗaya ba, kuma wannan sifilin dole ya shiga lissafi.

Bayan manyan giɓin akwai ƙanana a cikin wasa. Na'urorinmu suna ɗaukar wurin da ɗan wasa yake sau goma a kowace daƙiƙa, kuma suna buƙatar ganin taurarin ɗan adam a sama. Idan yaro ya matsa kusa da rumfar manyan baƙi mai rufi, yawan taurarin da na'ura ke gani yakan faɗi, lambar `HDOP` mai nuna raunin daidaiton wurin da aka ɗauka ta hau, wani lokaci a rasa shi gaba ɗaya na 'yan daƙiƙu. Alamar da ta fara nuna mini haka ita ce takardar da ta ce wani ɗan bayanmu mai nauyin jiki ya yi gudun kilomita 48 a awa. Usain Bolt, ranar da ya kafa tarihin mita 100 a Berlin a 2009, ƙololuwar gudunsa ba ta kai 45 ba. Abin da ya faru shi ne na'urar ta ɓata, da ta dawo sai ta tsinci yaron a wani wuri, aka lissafa tazarar kamar tsalle ɗaya ya yi.

Ƙa'idar da na tsayar wa kaina ita ce giɓin da bai wuce daƙiƙa ɗaya ba, wato ɗauka goma, ina cike shi da miƙaƙƙen layi tsakanin inda ya ɓace da inda ya bayyana. A daƙiƙa ɗaya mutum ba zai yi wani kewaye mai yawa ba. Wanda ya wuce haka ba na cikewa, ina cire shi daga mintunan gani, tare da 'yan ɗauka kaɗan na bayan dawowa inda tsallen ƙarya ke fitowa. Dalili shi ne a daƙiƙa takwas ɗan wasan gefe zai iya rugawa mita ashirin ya juyo ya dawo inda ya taso, miƙaƙƙen layi kuma zai ce bai motsa ba. A nan ma na taɓa faɗawa rami. Na ɗauka `interpolate(limit=10)` yana cike gajerun giɓi ne kawai, ashe a dogon giɓi ma yana cike goman farko ya bar saura. Dole ne a fara auna tsawon kowane giɓi, a ware gajerun, sannan a cike su kaɗai.

Abin da har yanzu ba ni da cikakken maganinsa shi ne giɓin ba ya faɗowa bisa tsautsayi kawai. Wasan da batir ya mutu, rabin farko ne ya rage, lokacin da ƙafafu ke da ƙarfi, don haka gudunsa a minti ya fito sama da yadda wasan duka zai nuna. Giɓin rumfa kuma 'yan gefe ya fi ci, a daidai layin da suke yin gudunsu mafi sauri. Raba da mintunan gani yana ɗauka cewa abin da ya ɓata daidai yake da abin da ya rage, kuma a waɗannan wuraren ba haka ba ne. Saboda haka na yanke cewa duk wasan da na'ura ta ga ƙasa da kashi 80 cikin 100 na mintunan mutum, ba ya shiga matsakaicinsa. Wannan iyaka tawa ce, wani zai iya sa tasa a 90. Ga yaron nan ta fitar da wasan minti 48 da na minti 65, ta bar na 77. Saura kilomita 276 cikin minti 2,487, wanda ya sake ba da 10.0. A wurinsa bai canza komai ba tunda yana da wasanni da yawa, amma ga wani ɗan tsakiya da ya buga wasa tara kacal, cire guda biyu ya motsa lambarsa sosai.

Wani abokin aiki ya ba ni shawarar in cike wasannin da suka ɓata da matsakaicin ɗan wasan. Ban yi ba. Matsakaicin ba zai motsa ba, sai dai takardar za ta nuna kamar wasa 38 aka auna, kuma yaron zai fito kamar wanda gudunsa ba ya hawa ba ya sauka.

Washegari na kai wa Koci sabuwar takarda. Gaban kowane suna akwai kilomita a minti 90, da yawan wasannin da suka shiga lissafi, da mintunan gani, da yawan wasannin da mutum bai samu bugawa ba tare da dalili. Waɗanda mintunansu ba su kai 900 ba na sa su a ƙasa daban, ban jera su da sauran ba. Ya duba layin ɗan gefen: 10.0, wasa 30, huɗu na rauni.

"To, yanzu ka yi magana," in ji shi. "Gudun dama ban yi shakkarsa ba. Wannan huɗun na cinya su za su tambaye ni a kai. Kawo mini ranakun da ya ji raunin, da abin da ya gudu a makonni biyun da suka gabace su."