Sauya suna ba ya ɓoye mutum

Binciken zama cikin jama'a ya bambanta da rarraba takardar tambayoyi. Kana zaune da mutane kullum, kana cin abinci da su, har su manta abin da ya kawo ka. A nan amincewar da suka ba ka ranar farko take fara rauni.

Na yi nawa aikin a cikin teloli na Kasuwar Barci da ke Kaduna, a kan yadda yaran shago ke koyon ɗinki. Shugabannin telolin sun yi mini izini, amma izinin shugaba buɗe ƙofa ne kawai. Yaron da maigidansa ya ce masa "ka amsa wa Malam tambayoyinsa" ba shi da bakin cewa a'a. Don haka nakan keɓe da kowane yaro in shaida masa cewa yana iya ƙi, kuma maigidansa ba zai ji daga bakina ba. Littafina kuma a fili nake riƙe da shi, don a riƙa tunawa da ni. Wasu na cewa a ɓoye ake samun gaskiya. Wataƙila, amma wanda bai san ana nazarinsa ba, ta yaya zai ce ya fasa?

Abin da ya fi ba ni aiki shi ne rubutu. Wani yaro ya gaya mini cewa maigidansa kan rage yadin masu kawo ɗinki ya sayar, kuma da kuɗin ake sallamar yara. Bayani ne mai amfani, domin ya nuna inda ladan almajirin ɗinki ke fitowa. To a ce na kira maigidan da wani suna, amma na rubuta cewa ɗan Zariya ne, yana da keken surfani biyu, shagonsa na kusa da masallaci. Baƙo ba zai gane shi ba, amma duk telan layin zai gane, shi kuma maigidan ya san yaron da ya fi zama da ni. Haka ta faru da Carolyn Ellis, wadda ta wallafa nazarinta kan masunta a Amurka a 1986: ta sauya sunaye, amma mutanen suka gane kansu, suka kuma yi fushi.

Malamin da ke duba aikina ya ce, "Ɗana, duk siffar da ba ta taɓa hujjarka, cire ta." Garin maigidan da wurin shagonsa suka fita. Yawan yara da yadda ake biyansu suka tsaya, tunda a kansu nake magana. Sunayen gaskiya na ajiye su a wata takarda daban, nesa da littafin da nake shiga kasuwa da shi. Sannan na koma wurin yaron na karanta masa sakin layin. Ya ce in cire maganar shadda, domin a layinsu maigidansa kaɗai ke yawan karɓarta.