Rijiyoyi bakwai cikin goma sha biyu

Talata, Birnin Kebbi.

Yau rahoton wata uku-uku ya cinye min wuni. Mun yi wa masu ba mu tallafi alkawarin rijiyar burtsatse mai sola guda 12 a ƙauyukan Argungu da Augie kafin ƙarshen Satumba. Ga Oktoba ta kama, guda 7 ne ke ba da ruwa.

Da safe na rubuta: "An samu ɗan tsaiko sakamakon wasu ƙalubale." Hajiya, shugabar ofishinmu, ta karanta ta turo min takardar. Ta ce, "Malam, wa ya samu tsaikon? Na kwana nawa? Wanda zai karanta wannan yana da rahoton akanta a gabansa."

Gaskiyarta. Rahoton kuɗi ya nuna mun kashe kusan kashi 80 cikin 100, aiki kuwa bai kai kashi 60 ba. Duk wanda ya jera takardun biyu zai ga giɓin, kuma in ban bayyana shi ba, shi zai ƙirƙiro nasa bayanin. Dalilin bai da wuya: famfuna da farantan sola na duka 12 mun riga mun saya, na biyar ɗin suna sito. Na sa wannan a sakin layi na farko, da adadin kayan da hotonsu.

Sai na raba biyar ɗin gida biyu. Uku suna bakin fadama, gulbi ya cika tun Agusta, motar haƙa ba ta iya shiga. Wannan rubuta shi da daɗi, ruwa ba ya musu. Sauran biyun ne suka tsaya min a wuya, don laifinmu ne. Takardar ɗan kwangila ta kwana sati biyar tana jiran sa hannu, wa'adin farashin da ya bayar ya wuce, muka koma neman sabon farashi. Zuciyata ta so in tura su cikin ambaliyar su ma, alhali ƙauyukan a kan tudu suke, kuma taswirarsu tana hannun masu ba mu tallafin.

Bayan la'asar na rubuta haka: "Rijiyoyi 2 sun makara da mako 5 saboda jinkirin amincewa da kwangila a ofishinmu. Yanzu duk takarda tana fita cikin kwana 7. Za a gama su ranar 15 ga Nuwamba, ukun fadama kuma 20 ga Disamba. Muna neman ƙarin wa'adi na wata 3 ba tare da ƙarin kuɗi ba."

"Muna matuƙar ba da haƙuri" ya fito sau huɗu a daftarin farko. Hajiya ta goge duka, ta ce rahoto ne ba ta'aziyya ba. Injiniya ya ce min zai gama na fadama 5 ga Disamba, amma na ƙara masa kwana 15, don na san lakar nan ba ta bushewa da umarnin kowa.

Hajiya ta kira jami'ar da ke kula da tallafinmu kafin mu aika, don kada ta fara cin karo da labarin a takarda. Tambaya ɗaya ta yi: sito yana da mai gadi?

Ana kiran magariba na tura.